Yadda Ake Zana Taswira da Lidar, da Yadda Ake Gane Matsalar Dogon Korido

Robot mai lidar, wato na'urar auna nisa da hasken leza, kan zana ɗaki tsaf, kusurwa ta fito a kusurwa, bango ya miƙe sak. Amma da ka tura shi dogon korido mai bango biyu sumul, sai ka tarar koridon da tef ya ba ka mita 40 ya dawo mita 37 a taswira, ɗakunan da ke ƙarshensa kuma sun hau kan juna. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne a tsakiyar korido babu abin da zai shaida wa lidar cewa an yi gaba. Zan bi da kai aikin tun daga haɗa kaya har ka iya auna wannan matsalar da kanka, ka kuma san maganin da ya dace da abin da ke hannunka.

Kayan aiki

- Lidar mai juyawa a shimfiɗe ɗaya. Masu araha irin RPLIDAR A1 suna kai wa kamar mita 12. Hokuyo UTM-30LX yana kai wa mita 30, yana share digiri 270 da tazarar digiri 0.25. Misalina zai tsaya kan mai mita 12, na kuma ɗauka yana harba haske ɗaya a kowane digiri.
- Robot mai taya da enkoda, wato na'urar ƙirga juyin taya. Daga nan ake samun odometiri, ƙiyasin nisan da aka ci.
- IMU, wato na'urar jin juyi da hanzarin motsi, in akwai. Jairon da ke cikinsa, mai auna juyi, shi ne abin buƙata.
- Kwamfuta mai ROS 2, da `slam_toolbox`, `rviz2` da `nav2_map_server`.
- Tef ɗin awo, salatef na yin alama a ƙasa, da manyan kwalaye biyar ko shida waɗanda tsayinsu ya wuce inda lidar yake.

Kada ka raina tef ɗin awo. Taswirar da ta gajarce tana da kyan gani kamar ta gaskiya, ido kaɗai ba zai kama ta ba.

1. Fahimci abin da SLAM ke yi kafin ka kunna shi

Kowane juyi na lidar yana ba da sikan guda: jerin nisa, kowanne da kusurwarsa. Aikin SLAM shi ne ya san inda robot yake a lokacin da aka ɗauki kowane sikan, ya jera su a taswira ɗaya. A `slam_toolbox` abin yana tafiya haka. Da robot ya ɗan matsa, odometiri zai ce an yi gaba da rabin mita, an karkata kaɗan. Wannan zato ne kawai. Sai a ɗauki sabon sikan a ɗora shi kan na baya-bayan nan, a riƙa gusa shi gaba da baya, hagu da dama, ana ɗan juya shi, har a sami inda ɗigoginsa suka fi zama daidai kan bangon da aka riga aka gani. Wurin da ya fi dacewa shi ake ɗauka a matsayin inda robot yake.

Ana ajiye kowane irin wannan matsayi a sarƙa, kowanne ɗaure da na kusa da shi. Taswirar da kake gani a allo daga sarƙar ake zana ta. An yanka fili zuwa ƙananan murabba'ai, yawanci santimita 5 kowanne. Murabba'in da haske ya ratsa a ce fili ne, wanda hasken ya tsaya a kansa a ce akwai abu, wanda bai taɓa isa ba a bar shi ba a sani ba. Idan robot ya zagayo wurin da ya taɓa bi aka gane shi, sai a ƙulla sabon ɗauri tsakanin yanzu da can baya, a rarraba kuskuren da ya taru a tsawon sarƙar. Wannan shi ne rufe zagaye.

Ka lura cewa komai ya rataya kan ɗora sikan. In ɗorawar ta yi ƙarya, sarƙa za ta ɗauki ƙaryar, taswira kuma ta zana ta.

2. Tabbatar da lidar da mazauninsa

Kunna direban lidar ka duba cewa sikan yana zuwa ba yankewa, sannan ka duba bishiyar firam, wato yadda mazaunin kowane ɓangare yake ɗaure da na wani:

```
ros2 topic hz /scan
ros2 run tf2_tools view_frames
```

Ana so sarƙar ta tashi daga `odom` zuwa `base_footprint` har ta kai firam ɗin lidar. Auna tazarar lidar daga tsakiyar tayoyi da tef, kada ka yi kintace. Ka kuma tabbatar yana zaune daidai. In ya sunkuya da digiri 2 kacal, alhali tsayinsa daga ƙasa santimita 20 ne, haskensa zai bugi daɓe kafin mita 6, sai taswira ta nuna bangon da babu shi yana tafiya a gaban robot. Haka nan in wani ƙarfe ko waya ta jikin robot na shiga sikan, tace ta da `laser_filters`. Ɗigon da ke tafiya tare da robot kullum cewa yake ba a motsa ba, kuma a korido za ka ga irin ɓarnar da wannan ke yi.

3. Gyara odometiri tun kafin SLAM

Wannan matakin ne masu farawa suka fi tsallakewa, domin a cikin ɗaki lidar yana rufa wa odometiri asiri. A korido kuwa odometiri ne zai riƙe aikin shi kaɗai.

Yi alama biyu a ƙasa, tazarar mita 10. Ajiye robot kan ta farko, kunna shi sabo, tuƙa shi zuwa ta biyu, ka karanta:

```
ros2 run tf2_ros tf2_echo odom base_footprint
```

A ce ya nuna 10.2. Kuskuren kashi 2 cikin ɗari ke nan, kuma yawanci daga girman tayar da aka rubuta a saiti yake. Ninka radiyon tayar da 10, ka raba da 10.2, ka sake gwadawa. Yi gwajin a kan irin daɓen da za a yi aiki, da nauyin da robot zai ɗauka, don tayar roba tana lotsewa in an ɗora mata kaya. Sannan ka juya shi a wuri guda sau biyar ka ga ko odometiri ya dawo da fuskarsa inda ya fara. In bai dawo ba, tazarar tayoyi ce ke son gyara. In kana da IMU, haɗa jairo da enkoda ta `robot_localization`, juyin zai fi tsabta nesa ba kusa ba.

4. Naɗi bayanai sau ɗaya, ka yi ta gwaji a kansu

Auna tsawon koridon da tef daga bango zuwa bango ka rubuta. Ajiye robot a farkonsa, fuskarsa na kallon tsawon koridon, ka fara naɗa:

```
ros2 bag record -o korido /scan /odom /tf /tf_static
```

Kada SLAM ya kasance a kunne yayin naɗa. In yana kunne, nasa `map` zuwa `odom` zai shiga cikin `/tf` da aka naɗa, kuma duk lokacin da ka sake kunna faifan, tsoho da sabo za su riƙa karo, robot ya yi ta tsalle a allo.

Tuƙa a hankali, kamar rabin mita a daƙiƙa, ba finciko ba taka birki da ƙarfi. Kuma kada ka bi shi a baya. Mutumin da ke tafiya mita biyu bayan robot da saurin robot, a wurin lidar abu ne da ke tsaye cik a nisa ɗaya, a wurin da babu wani abin kamawa sai shi. Tsaya a wajen koridon, ko ka shiga ɗaki ka tuƙa daga nesa.

5. Kunna SLAM ka auna sakamako

Kwafi fayil ɗin saiti da ke zuwa da `slam_toolbox`. Za ka tarar `max_laser_range` yana kan 20.0, ka sauke shi zuwa nisan da lidar ɗinka ke iya kaiwa da gaske. Bar sauran yadda suke a karon farko.

```
ros2 launch slam_toolbox online_async_launch.py \
  slam_params_file:=saiti.yaml use_sim_time:=true
ros2 bag play korido --clock
ros2 run nav2_map_server map_saver_cli -f taswira
```

Kowanne a tasa tagar, na ƙarshen kuma bayan faifan ya ƙare. Za ka sami `taswira.pgm` da `taswira.yaml`. Buɗe hoton ka ƙirga fiksel daga wannan bango zuwa wancan, ka ninka da `resolution`. A kan 0.05, korido mai mita 40 ya kamata ya ci fiksel 800. In ka sami 740, taswirarka ta ce mita 37, uku sun ɓace.

6. Inda mitocin suka tafi

Mu ɗauki korido mai tsawon mita 40 da faɗin mita 2, ƙofofi a rufe, bango ba ado, robot yana bin tsakiya.

Kowane ɗigo da ya faɗi kan bango abu ɗaya yake iya faɗa: nisanka da bangon. In ka matsa kusa da bango, nisan ya ragu, lidar ya gani. In ka bi tsawon bangon, nisan na nan yadda yake. Saboda haka bangon hagu da na dama suna riƙe robot ta gefe, suna riƙe fuskarsa, amma ba ruwansu da gaba ko baya. Kamar durowar tebur ce: gefe da gefe a matse take, gaba da baya kuwa da yatsa ɗaya za ka zame ta. Abin da ke iya tsayar da zamewar shi ne duk wani abu da ke fuskantar tsawon koridon, wato bangon ƙarshe, bakin ƙofa, ginshiƙi, ko kwali.

Yanzu lissafa. A mita 12 na farko lidar yana hango bangon da ya baro, a mita 12 na ƙarshe yana hango wanda ya nufa. Tsakanin mita 12 da mita 28 ba ya ganin ko ɗaya. Mita 16 ke nan na makanta. A can, haske kusan 19 cikin 360 suna tafiya gaba da baya ba su dawo da komai ba, sauran 340 da ɗoriya duk kan bangon gefe suke sauka. Sikan ɗin mita 15 da na mita 20 iri ɗaya ne sak. Ko inda ake hango ƙarshen ma riƙon ba shi da ƙarfi: daga mita 10, bango mai faɗin mita 2 yana cin digiri 11 ne kawai, wato ɗigo 11 suke magana kan gaba da baya.

A lissafi abin a fili yake. Ga kowane ɗigo akwai `n`, alkiblar da bangon ke fuskanta. Idan aka tara su a kan ɗigo `N`:

```
H = Σ n nᵀ
n = (0, 1)  →  H = [[0, 0], [0, N]]
```

Sifirin da ke kusurwar farko shi ne matsalar baki ɗaya: ɗigo ko dubu nawa ne, ba su ƙara komai kan tsawon koridon ba. Ji Zhang, Michael Kaess da Sanjiv Singh sun nuna a 2016 yadda za a riƙa duba wannan yayin tafiya, a gano alkiblar da ba ta da madafa, a ƙi karɓar gyaran lidar a kanta, a bar zaton farko yadda yake.

To me ya sa koridon ke gajarcewa, ba ya cika tsawaita ba? A nan ne abin ya fi ban sha'awa. Hasken da ke sauka nesa yana zuwa ne a kwance, ɗigoginsa a warwatse. Bango yana mita 1 a gefe: hasken digiri 5 zai sauka a mita 11.4, na digiri 6 a mita 9.5, na digiri 7 a mita 8.1. Tazarar kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin ɗigo da ɗigo. Can nesa, abin da ke cikin taswira ba layi ba ne, 'yan ɗigogi ne jefi-jefi. Da sabon sikan ya zo da ɗigoginsa masu wannan tsarin, inda za su fi zama daram kan tsofaffin shi ne in an ɗauka robot bai motsa ba. Ga kuma wani jan: ɗigon da ya faɗa wurin da ba a zana ba tukuna ba ya samun maki, saboda haka jan sikan baya yana ƙara maki. Kowace ɗorawa ta ci 'yan santimita, a mita 16 su taru su zama mitoci. Hector SLAM, wanda ba ya dogara da odometiri, ya shahara da wannan: robot na tafiya a ƙasa, a allo yana tsaye.

Lidar mai ganin sama da ƙasa bai tsira ba. Daɓe da rufi suna riƙe tsayi, amma a rami mai santsi su ma ba su faɗin komai kan gaba da baya.

7. Kama shi yana cikin yi

Sake kunna SLAM sabo da faifan, ka buɗe wata taga:

```
ros2 run tf2_ros tf2_echo map odom
```

Wannan shi ne gyaran da SLAM ke yi wa odometiri. Tunda robot ya fara yana kallon tsawon koridon, `x` ne tsawon. In odometiri ya gyaru a mataki na 3, lambar ba za ta yi nisa da sifiri ba. Idan ka ga tana gangarowa a hankali, -0.4, -1.1, -2.0, daidai lokacin da robot ke tsakiyar korido, to ɗora sikan ne ke cin tafiyar. Idan kuwa ta zauna shiru a tsakiya, sai da bangon ƙarshe ya bayyana, kuma duk da haka tsawon bai yi daidai da tef ba, koma kan tayoyi. Tsalle guda babba, na mita biyu ko uku a lokaci ɗaya, wannan rufe zagaye ne, sai ka duba ko na gaskiya ne.

A `rviz2` alamun su ne bangon ƙarshe ya fito biyu, ƙofa ɗaya ta bayyana a wuri biyu, ko tazarar ƙofofi ta matse a tsakiyar korido ta saki a gefe.

8. Magani

Na farko, kuma wanda na fi amincewa da shi in an ba ka dama: ba lidar abin kamawa. Jera kwalaye a jikin bango, ta yadda a ko'ina robot yake a tsakiyar koridon akwai aƙalla ɗaya cikin mita 4 ko 5. Kada tazararsu ta zama iri ɗaya, kada kuma duk su kasance gefe guda. Sa ɗaya a mita 11, wani a 15, wani a 21, wani a 24, wani a 29. Kwali mai faɗin rabin mita daga mita 4 yana ba da ɗigo kamar 7, daga mita 2 kuma ninkin haka. Buɗe ƙofofi ma yana yin wannan aikin. Daga baya ka goge kwalayen daga hoton taswira. Sai dai ka sani, ranar da robot zai yi aiki babu kwalaye, makantar tana nan, don haka gyaran taya ba ya faɗuwa.

Na biyu, ka sa SLAM ya ƙara jin maganar odometiri. A `slam_toolbox`, `distance_variance_penalty` yana zuwa a 0.5, kuma rage shi yana tsananta hukuncin duk ɗorawar da ta yi nisa da zaton taya. A Cartographer, wata manhajar SLAM ta daban, ka sa `use_odometry = true`, ka ɗaga `TRAJECTORY_BUILDER_2D.ceres_scan_matcher.translation_weight`. Sauya abu ɗaya, sake kunna SLAM da faifan, sake ƙirga fiksel. Ribar a lissafe take: taya mai kuskuren kashi 2 cikin ɗari za ta ɓata santimita 32 a mita 16, wadda aka gyara zuwa rabin kashi ɗaya kuma santimita 8. Haɗarinsa shi ne in taya ta zame kan daɓe mai santsi, lidar ba zai iya gyarawa da sauri ba.

Kada ka sa rai IMU zai cike gurbin taya. Jairo yana taimakon juyi, wanda dama bango ya riƙe. Nisa kuwa sai an tara hanzari sau biyu, kuma kuskuren 0.01 na mita a daƙiƙa a daƙiƙa, cikin daƙiƙa 32 da ake ɗauka a ƙetare mita 16, yana zama fiye da mita 5. Haka ma odometirin da ake cirowa daga lidar ɗin kansa, ciwonsu ɗaya da SLAM.

In babu enkoda, a ce kan keken turawa ka ɗora lidar, to kwalaye sun zama dole, ko ka liƙa alamun AprilTag a bango ka ƙara kyamara. In kuma akwai halin canza na'ura, lidar mai mita 30 da ke ganin gaba da baya a wannan koridon koyaushe yana hango aƙalla ƙarshe ɗaya, kuma da tazarar digiri 0.25 bangon da ke mita 20 zai ba shi ɗigo kamar 22.

9. Hattara da rufe zagaye

Mutane da yawa suna ɗauka in robot ya je ƙarshen korido ya dawo, kuskuren zai wanke. Ba lallai ba. In taya tana ƙara kashi 2 a tafiya, za ta ƙara kashi 2 a dawowa, robot ya dawo daidai inda ya tashi, zagaye ya rufe lafiya, koridon kuma ya zauna da tsawonsa na ƙarya. Zagayen da ke gyara tsawo shi ne wanda ya dawo ta wata hanya mai abubuwan kamawa, don a nan ne ake samun awo na biyu da bai ratsa makantar ba.

Ko a nan ma akwai tarko. `loop_search_maximum_distance` yana zuwa a 3.0, saboda haka in kuskuren ya wuce mita 3, ba za a ma nemi tsohon wurin ba. Sai mutum ya ɗaga lambar, kuma a korido mai ƙofofi iri ɗaya kowace mita 3, ƙofa ta shida za ta iya zama kan ta biyar da maki mai kyau. Ɗauri ɗaya na ƙarya yana naɗe taswira gaba ɗaya. In ka faɗaɗa nema, ka ɗaga `loop_match_minimum_response_fine` sama da 0.45 da yake zuwa da shi. Hanya mafi sauƙi ta gano mai laifi ita ce ka kunna faifan sau biyu, sau ɗaya da `do_loop_closing: false`, sau ɗaya da `true`, ka auna koridon a taswirorin biyu ka gwada da lambar tef. In na farkon ya fi kusa da tef, rufe zagayen ne ke ɓata aikin, a can za ka fara gyara.